Injin Ma Yana Cin Rabonsa: Yadda Ake Raba Kuɗin Inji a Kan Shekarun Aikinsa

Akwai wani bawan Allah mai injin casar shinkafa a yankin Kura da na taɓa taya duba lissafi. Kullum bayan sallar magariba zai zauna a kan benci a ƙofar rumfar injin, garin dusa ya yi masa fari fat a gira da gemu, ya zazzage cinikin ranar a cinyarsa. Zai ware kuɗin gas, ya sallami yaransa biyu, ya cire na baƙin mai idan lokacin juye ya yi, sannan ya ninke abin da ya rage ya sa a aljihun gaba. Wannan na aljihun gaba shi yake kira riba. Da shi ake cefane, da shi aka biya kuɗin makarantar yara, da shi aka yi wa ƙanwarsa kayan ɗaki. Ba mai almubazzaranci ba ne, kuma ba ya cin haƙƙin kowa. Amma da na tambaye shi, "Alhaji, shi injin fa, ina nasa kason?" sai ya dube ni da mamaki ya ce, "Ai na biya kuɗinsa tun ranar da na saya. Ba a bi na ko sisi."

Gaskiya ya faɗa, ba a bin sa. Sai dai injin da yake ruri a bayansa ba shi ne wanda aka sauke daga mota ranar farko ba. Duk buhun shanshera da ya ratsa ta cikinsa ya tafi da wani ɗan abu daga ƙarfensa. Rariya tana cinyewa, boris yana sakin jiki, fistin yana rage ƙarfi, kuma akwai ranar da makaniken da ya fi kowa iyawa zai girgiza kai ya ce gyara ya ƙare. Wannan cinyewar da ba a biyan kowa kuɗinta da yamma, ita ce akantoci suke kira difirishiyeshin, 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi da suka yi karatun lissafi da Faransanci kuma suna cewa amortisman. Da Hausa za mu iya cewa raguwar darajar kayan aiki, ko kuma kason tsufan inji.

Bari mu bi lissafin injin nan daki-daki. Na daidaita alƙaluman ne don su yi sauƙin bi.

An sayi injin casa da injin gas mai juya shi a kan naira 5,400,000. Kuɗin motar da ta kawo shi, da zuba kankaren da aka girke shi a kai, da ladan makanikan da suka haɗa shi har ya tashi, sun ci naira 600,000. A wurin akanta duka wannan kuɗin inji ne, domin injin da ke ajiye a shagon dila a Kano bai zama abin aiki ba sai an kawo shi an kafa. Saboda haka kuɗin injin naira 6,000,000 ne. Mutane da yawa a nan suke fara kuskure, su rubuta farashin da ke kan rasit kawai, su watsa sauran a cikin kashe-kashen yau da kullum.

Daga nan sai tambayoyi biyu, kuma duka biyun ƙiyasi ne. Shekara nawa injin zai yi mana aiki? In ya gama, nawa za mu samu a kansa, ko daga mai sayen na hannu ko daga 'yan gwangwan masu awon ƙarfe? A ce shekara 5, a ce kuma za a sayar da shi naira 1,000,000. To abin da zai narke a cikin aiki shi ne naira 5,000,000. A raba shi gida biyar, kowace shekara ta ɗauki naira 1,000,000. Idan rumfar tana aiki kwana 300 a shekara, kusan naira 3,300 ke nan a kowace rana. Ga kuɗin da Alhaji yake sawa a aljihun gaba kullum da yamma yana ƙirga shi cikin riba, alhali yanki ne na uwar kuɗinsa.

Yanzu ga babbar tambayar. Tunda a rana ɗaya aka fitar da kuɗin, me ya hana a rubuta shi a matsayin abin da aka kashe a wannan shekarar, a huta?

A ce rumfar tana cinikin naira 9,000,000 a shekara, gas da albashi da haya da ƙananan gyare-gyare suna cin naira 6,500,000. Saura naira 2,500,000. Idan aka ɗora wa shekarar farko kuɗin injin gaba ɗaya, littafi zai nuna asarar naira 3,500,000. Shekara ta biyu da ta uku da ta huɗu kowace za ta nuna ribar naira 2,500,000, ta biyar kuma ta nuna 3,500,000 saboda kuɗin sayar da tsohon injin ya shigo. Duk wanda ya karanta wannan littafi zai ɗauka sana'ar ta faɗi warwas a shekarar farko, sannan ta tashi ta bunƙasa. Alhali babu abin da ya canja a rumfar. Buhunan da aka casa su ne, masu kawo aiki su ne, ƙarar injin ma ita ce. Idan kuwa aka raba kuɗin, kowace shekara za ta nuna ribar naira 1,500,000. A tara na farko, a tara na biyu, duka za a samu naira 7,500,000 a shekara biyar. Jimla ɗaya ce. Bambancin shi ne lissafi na biyu yana faɗin gaskiya a kan kowace shekara, na farko kuwa sai an jira ƙarshen shekara biyar kafin ya daidaita.

Kuma babu mai jiran shekara biyar. A nan ne maganar ta tashi daga ƙa'idar littafi ta zama maganar haƙƙi. A ɗauka mutum biyu ne suka haɗa jari, za su raba riba biyu. Bayan shekara ɗaya ɗayansu ya ce zai fita, wani ya shigo a madadinsa. Idan an jibga wa shekarar farko kuɗin inji duka, wanda ya fita ya tafi da asara a wuyansa, wanda ya shigo kuma ya tarar da inji yana aiki kamar kyauta, ya yi ta kwasar riba mai kauri da ba shi ya biya kuɗinta ba. Idan kuma ba a cire komai ba sam, kamar yadda Alhaji yake yi, sai abin ya juya: na farko ya raba naira 2,500,000 a matsayin riba, ya tafi da abin da ya fi haƙƙinsa, ya bar wa na baya tsohon ƙarfe. Na ga zumunci ya lalace a kan irin wannan, kowa yana rantsuwa an cuce shi, kuma kowa da gaskiyarsa, domin tun farko ba a yarda a kan abin da ake kira riba ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da kafa ƙa'ida a babin ƙirali, wato inda wani ya ba da jari wani ya juya, cewa ba a maganar riba sai uwar kuɗi ta dawo cif. Lokacin da jarin fatake yake tufafi da goro da gishiri, ana sayar da kaya a ƙirga, a ga ko uwa ta dawo. Jarin da ya zama inji ba ya dawowa a tafiya ɗaya. Yana dawowa kaɗan-kaɗan ne ta cikin kuɗin aikin da yake yi, don haka dole a ware nasa a kowane zagaye kafin a ce ga riba.

Akantoci suna da ƙa'ida a kan wannan: kuɗin da aka kashe don samo wani ciniki, a rubuta shi a lokacin da cinikin ya shigo. Inji zai samo cinikin shekara biyar, to shekaru biyar ɗin ne za su raba nauyinsa. Dokar lissafi ta duniya da ta tsara wannan ita ce IAS 16, ɗaya daga cikin ƙa'idojin IFRS da manyan kamfanonin Najeriya da ke kasuwar hannun jari suka fara aiki da su a 2012. Nijar da Cadi da Kamaru suna bin tsarin SYSCOHADA na ƙasashen OHADA, kuma a wannan batu asalin tunanin ɗaya ne. Fili kaɗai ne ba a cire masa wannan kaso a bisa al'ada, domin fili ba ya ƙarewa da amfani. Ginin da ke kansa ana cire masa, saboda gini yana tsufa.

Raba daidai wa daida da muka yi ita ce hanya mafi sauƙi, kuma ita aka fi bi. Amma ba kowane inji take yi wa adalci ba. Injin casa ba ya aiki iri ɗaya kowace shekara. Shekarar da kaka ta yi kyau, ga kuma noman rani ya yi albarka, ba ya hutawa dare da rana. Shekarar ambaliya kuwa sai ya yi makonni a rufe. Ga irin wannan akwai hanyar da take bin yawan aiki. A ƙiyasta cewa injin zai casa buhu 50,000 a rayuwarsa. A raba naira 5,000,000 a kansu, kowane buhu ya ɗauki naira 100. Shekarar da aka casa buhu 14,000 sai a cire naira 1,400,000, wadda aka casa 6,000 a cire naira 600,000. Ni wannan hanyar na fi so ga masu injin casa da na niƙa, domin tana shiga kai nan take. Mutum ya san a cikin kuɗin da ya karɓa a kan kowane buhu akwai naira 100 da ba tasa ba ce, ta injin ce. Tana kuma taimakawa wajen yanke farashi. Mai injin da ya sauke kuɗin casa don ya ƙwace kwastomomin maƙwabcinsa, yana lissafa gas da ladan yara kawai, zai ga layi a ƙofarsa ya yi ta murna, ba tare da ya san yana sayar da injinsa ne buhu-buhu ba.

Hanya ta uku tana cire kaso mai yawa a farko, ya riƙa raguwa. A kowace shekara ana ɗaukar wani kaso cikin ɗari na abin da ya rage a littafi. Da kashi 30 cikin 100, shekarar farko za ta ɗauki naira 1,800,000, ta biyu 1,260,000, ta uku 882,000, a haka har a ƙarshen ta biyar a tarar saura kusan naira 1,000,000. Ta fi dacewa da mota da kwamfuta, waɗanda suke ba da mafi kyawun aikinsu suna sababbi.

Akwai abubuwa biyu da mutane suke ɗauka game da wannan lissafi waɗanda ba haka suke ba, kuma na biyun ya fi cutarwa.

Wasu suna zaton lambar da ta rage a littafi ita ce farashin injin a kasuwa. Bayan shekara biyu littafinmu zai ce injin yana kan naira 4,000,000. Ma'anarsa kawai ita ce wannan ne kuɗin da ba a riga an ɗora wa wata shekara ba. Dillali yana iya taya shi ƙasa da haka, yana iya taya shi sama. A 'yan shekarun nan ma an ga tsofaffin injuna suna tsada fiye da yadda aka saye su sababbi, tun bayan da aka saki farashin naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024. Wani mai inji ya taɓa ce mini, "To ka gani, malam, nawa daraja yake ƙarawa, me zan cire?" Na ce masa lambar ce ta hau, ƙarfen bai koma sabo ba. Kwanakin aikin da suka rage masa suna raguwa ko dala ta hau ko ta sauka.

Na biyun shi ne zaton cewa da zarar akanta ya rubuta naira 1,000,000 a shafin raguwar daraja, to akwai miliyan ɗaya a ajiye a wani wuri tana jiran ranar sayen sabon inji. Babu. Rubutun ba ya fitar da kuɗi kuma ba ya ajiye kuɗi. Abin da yake yi kawai shi ne ya rage lambar da ake kira riba, don kada a raba ko a cinye abin da ya wuce ta. Kuɗin da ya rage a cikin sana'ar yana iya zama shanshera a sito, yana iya zama bashi a hannun masu kawo aiki, yana iya sulalewa. Ware shi aiki ne dabam, na mai sana'a, ba na alƙalami ba. Sannan ko an ware shi cif, lissafin yana mayar da kuɗin da aka saya ne a da, ba kuɗin sabon inji na gobe ba. Wanda ya tara naira 5,000,000 a shekara biyar, ya haɗa da miliyan ɗaya ta tsohon injin, yana iya zuwa kasuwa ya tarar irinsa ya ninka. Wannan ita ce iyakar wannan lissafi, kuma a ƙasar da farashi yake gudu babbar iyaka ce. Shi ya sa nake ba masu injuna shawara su riƙa tambayar farashin sabo sau ɗaya a shekara, su ƙara abin da suke warewa gwargwadonsa, kuma kada su bar shi a kwance a matsayin takardar naira.

Tunda shekarun aiki da kuɗin ƙarshe duka ƙiyasi ne, ana iya yin kuskure, kuma dokar ta tanadi gyara: ana sake duba su aƙalla a ƙarshen kowace shekara. A ce bayan shekara biyu an lura ƙura da aikin dare sun ci injin fiye da zato, makanike ya ce da ƙyar ya ƙara shekara biyu. Ba a komawa baya a goge lissafin da ya wuce. Ana ɗaukar naira 4,000,000 da ta rage, a cire miliyan ɗaya ta ƙarshe, a raba naira 3,000,000 a kan shekara biyu, kowace ta ɗauki 1,500,000. Ranar sayarwa ma tana tona asirin ƙiyasi. Idan a ƙarshen shekara ta uku, a lissafinmu na farko, littafi yana cewa 3,000,000 amma aka sayar da injin 2,200,000, sai a rubuta asarar naira 800,000, wadda take nuna cewa ribar shekarun baya an ɗan kumbura ta.

Wani wurin da ake rikicewa shi ne gyara. Canja bel, sayen rariya, juyen baƙin mai, duk kashe-kashen shekarar ne, domin suna riƙe injin ne a yadda yake. Amma idan aka cire injin gas ɗin gaba ɗaya aka sa sabo, wannan sabon jari ne da za a raba a kan nasa shekarun, a kuma share abin da ya rage na tsohon daga littafi.

Inda akwai ƙiyasi kuwa, akwai ƙofar maguɗi, kuma manyan kamfanoni sun bi ta. A Amurka, kamfanin kwasar shara mai suna Waste Management ya yi shekaru yana tsawaita shekarun aikin motocinsa a kan takarda, yana kuma kumbura kuɗin da wai za a samu idan an sayar da su a ƙarshe. Kowane ɗaya daga cikin biyun yana rage kason shekara, riba ta yi ƙiba. A 1998 sai da kamfanin ya sake lissafin shekarun 1992 zuwa 1997, ya zaftare kimanin dala biliyan 1.7 daga ribar da ya yi shela. A gwada dabarar a kan injinmu a gani: a ce zai yi shekara 10 maimakon 5, nan take kason shekara ya sauka daga naira 1,000,000 zuwa 500,000, riba ta tashi daga 1,500,000 zuwa 2,000,000, ba tare da an casa ƙarin buhu ko ɗaya ba. Don haka idan za ka sa kuɗinka a wata sana'a, ko ƙungiyarku ta manoma tana da tarakta ko injin ban ruwa, ka tambayi shekarun da aka yanka wa kowane inji, sannan ka je ka tambayi makanike ko ya taɓa ganin irinsa ya kai haka. Ka kuma lura da ribar da ta yi tsalle a shekarar da ciniki bai motsa ba, da kuma sana'ar da duk lokacin da ta sayar da tsohon kaya sai ta rubuta asara.

Hukumomin haraji sun san wannan ƙofa, shi ya sa a Najeriya ba sa karɓar ƙiyasin mai kamfani. Idan za a lissafa haraji ana mayar da abin da akanta ya cire cikin riba, sannan a cire rangwamen da doka ta yanka wa kowane irin kayan aiki. Saboda haka ribar littafi da ribar da ake biya wa haraji ba lallai su zo ɗaya ba, kuma wannan ba alamar rashin gaskiya ba ce.

Alhajin Kura bai ɗauki akanta ba, kuma ba ya bukata. Mun sayi littafi mai bango mai kauri, muka rubuta kuɗin injin da na kafa shi a shafin farko, muka zauna da makanikensa ya ƙiyasta mana buhunan da suka rage masa. Tun daga ranar, kafin ya ninke na aljihun gaba, yana ƙirga buhunan da aka casa ya ware na injin, duk ƙarshen mako ya kai shi wani asusu dabam da ba a taɓawa don cefane. Ya ce mini makon farko ya ji kamar an rage masa albashi.

Mai karatu, idan kana da injin niƙa, ko keken ɗinki, ko Keke Napep, ko janareton da shagonka ya dogara da shi, ka zauna yau da takarda ka rubuta abu uku: nawa ya ci ka har ya fara aiki, shekara nawa kake sa ran zai ƙara yi, nawa za a saye shi in ya gaji. Ka cire na ukun daga na farko, ka raba a kan kwanakin aikinsa gaba ɗaya, tun daga ranar saye har ranar da kake sa ran zai gaji, ka fara ware wannan kuɗin daga cinikin gobe.